Gado ɗaya, maza biyu: yadda na daina fassara bayanin otal kalma da kalma

Wani kamfanin shirya tafiyar Umra a Kano ne ya ba ni aikin. Suna da otal-otal da suke sauke mutanensu a Makka da Madina, bayanin ɗakunan duk da Turanci yake, su kuwa masu biyan kuɗin yawancinsu 'yan kasuwa ne da iyayenmu mata waɗanda Hausa suke karantawa, ko a karanta musu. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Na gama, na miƙa, aka ɗora a shafin kamfanin.

Bayan wata guda manajan ya kira ni, muryarsa ba daɗi. Wasu abokai biyu, dattawa, sun zaɓi ɗaki ɗaya don su raba kuɗi. Da suka isa cikin dare, a gajiye, da harami a jikinsu, sai suka tarar da babban gado ɗaya tal. Otal ɗin a cike yake, ba wani ɗakin da za a sauya musu. Ɗaya daga cikinsu a ƙasa ya kwana har kwana uku.

"Malam, kai ka rubuta gado biyu," in ji manajan.

Gaskiyarsa. A shafin otal ɗin an rubuta "double room", ni kuma na sa "ɗaki mai gado biyu". A bakin masu otal wannan kalmar tana nufin ɗakin mutum biyu mai babban gado ɗaya, irin na miji da mata. Ɗakin da ke da ƙananan gadaje biyu a rabe shi ne "twin room". Ma'anar kalmar a ƙamus na bi, ban tambayi kaina abin da mutum zai gani idan ya tura ƙofa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin da ya kwana a ƙasa ya haura shekara sittin, kuma da maganata ya yi shawara.

Na roƙi a dawo mini da aikin gaba ɗaya. A wannan karon sai na buɗe hotunan kowane ɗaki da taswira a gefe kafin na rubuta ko layi ɗaya. Ga wani bayani da ya fi cin mini lokaci, kamar yadda yake a shafin:

"Quad room, partial Haram view, half board. 600 m from the Haram. Complimentary shuttle, subject to availability."

Fassarata ta farko cewa ta yi: ɗakin mutum huɗu mai kallon Harami, da abinci, kusa da Harami, akwai mota kyauta. Ba kalmar da za ka kama ka ce ƙarya ce, amma kowane yanki ya ɗan fi gaskiya daɗi.

Na fara da gadajen. A hoton, gadaje biyu ne na sosai, sauran biyun ƙanana ne na naɗewa da ake shigo da su. Otal-otal da yawa haka suke mayar da ɗakin mutum biyu na mutum uku ko huɗu. Ga matashi ba komai ba ne, amma ga mai ciwon baya magana ce. Sai na rubuta adadin gadajen da irinsu.

Maganar kallon Harami ita ce na fi daɗewa a kai, domin a kanta mutane suke ƙara kuɗi da zuciya ɗaya. Idan Bahaushe ya ji "ɗaki mai kallon Harami", Ka'aba yake hangowa a ransa, yana zaune bakin taga yana ganin masu ɗawafi. A wajen masu otal kuwa mataki-mataki ne. "Kaaba view" shi ne wanda ake ganin Ɗakin Allah, kuma shi ya fi tsada. "Haram view" na iya zama ganin ginin masallacin ne ko harabarsa ko hasumiyoyinsa, ba tare da an ga Ka'aba ba. Idan kuma aka sa "partial" a gaba, to wani ɓangare ne kawai, wani lokaci sai ka matsa gefen taga ka leƙa ta tsakanin dogayen gine-gine. Ni kuwa wannan ƙaramar kalmar ce na yar a fassarar farko, saboda ta yi mini nauyi a jimla. Na sa aka rubuta wa otal ɗin aka tambaye su, suka turo hoton da aka ɗauka daga tagar: hasumiya biyu da gefen harabar. Abin da na rubuta ke nan, na ƙara da cewa ba a ganin Ka'aba.

"Half board" ba ta ba ni wahala ba da na gane ta. Karin kumallo ne da ƙarin abinci sau ɗaya, galibi na dare. Babu na rana. Wanda ya fassara ta da "rabin abinci" ya tsoratar da mutane, wanda ya ce "da abinci" kawai ya sa su tsammanin sau uku. A watan azumi kuma sai an tambaya, domin otal-otal da dama kan mayar da shi sahur da buɗa-baki.

Sai nisa. Mita 600 ga mai ƙarfi tafiyar minti bakwai zuwa takwas ce. Amma daga ina aka auna, zuwa ina? Da na duba taswira, zuwa bakin harabar masallacin ne, ba zuwa ƙofa ba, balle wurin ɗawafi. Kuma Makka gari ne na duwatsu. A wasu titunan unguwar Ajyad hawa ne sosai idan za ka koma masauki. Hajiyar da ke da ciwon gwiwa, a cikin zafin azahar da cunkoso, za ta iya ninka wannan lokacin, kuma sau biyar a rana ake wannan zirga-zirgar. Kalmar "kusa" ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na daina amfani da ita sam. Ina sa adadin mitocin, in faɗi inda awon ya tsaya, in akwai hawa in ambata.

Motar kuwa, lallai kyauta ce. Amma "subject to availability" na nufin in an samu wuri, ba alkawari ba ne. Kuma irin waɗannan motocin ba a ƙofar masallaci suke sauke mutane ba, a tasha suke tsayawa a ƙarasa da ƙafa, sannan dab da lokacin salla akan rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami. Wannan ya fi shafar masu sauka a wurare masu nisa irin su Aziziyya, inda galibi da mota ake zuwa Harami.

Ga yadda layin ya koma:

"Ɗakin mutum huɗu: gadaje biyu na sosai da ƙanana biyu na naɗewa. Daga taga ana hango wani ɓangare na masallacin Harami, amma ba a ganin Ka'aba. Akwai karin kumallo da abincin dare, babu na rana. Mita 600 ne zuwa bakin harabar Harami, kuma da ɗan hawa wajen dawowa. Otal ɗin na da motar kai mutane kyauta idan akwai wuri."

Da manajan ya karanta sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai wannan zai kashe mana kasuwa. Na Turancin ya fi daɗin ji." Na ce masa, "Alhaji, mai karanta Turancin da ya saba da otal ya san abin da waɗannan kalmomin suke ɓoyewa, da saninsa yake biya. Mutanenmu ba su da wannan sanin sai abin da muka rubuta musu." Mun ja maganar. A ƙarshe ya yarda da komai sai jimlar "ba a ganin Ka'aba", wadda ya so a cire tunda babu ita a asalin. Na ƙi, domin ita ce ainihin ma'anar abin da otal ɗin ya rubuta, kuma hoton tagar yana hannunmu. Muka daidaita a kan a bar jimlar, a kuma sa hoton a ƙarƙashinta.

Na Madina sun fi sauƙi, ƙasar shimfiɗe take, amma can ma sai da na koma taswira a kan kowane otal na duba ko ta ɓangaren ƙofofin mata yake ko ta na maza, domin hajiyoyi su ne suka fi yawa a jerin kamfanin.