Kuskurena biyu a kan farin zobe

Ƙannena mata da ke haɗa kayan lefe ko adana ɗan abin hannu, na rubuta wannan ne domin sau biyu ina sayen farin zobe ba tare da na san halin ƙarfen da na saya ba, kuma kowane karo sai da na yi asara. A cikin gilashin shago, farin gwal da filatinam da faladiyam kamanninsu ɗaya ne. Bambancinsu yana bayyana ne bayan zoben ya yi watanni a yatsa yana shan wanke-wanke, ko ranar da aka kai shi kan sikeli domin a sayar.

Zobena na farko na saye shi a Jidda lokacin da na je umara, kuma abin da ya ja hankalina shi ne farinsa mai ƙyalli kamar madubi. Bai cika shekara ba sai na ga gefen da ke cikin tafin hannu ya fara yin ruwan ɗorawa, har na yanke hukunci cewa an cuce ni. Na kai shi wurin wani dattijon maƙerin gwal a babbar kasuwar Gombe, ina ta faɗa tun kafin in zauna. Ya juya cikin zoben, ya ɗora ɗan gilashinsa a ido, sannan ya ce, "Hajiya, ba a cuce ki ba. Ga hatiminsa nan, 750, gwal ne mai lamba 18. Ruwan da aka yi masa ne ya goge." Na ce, "Baba, ashe gwal ɗin ma ana yi masa ruwa?" Ya yi dariya ya miƙo mini abina.

Abin da ban sani ba shi ne, babu gwal ɗin da ake haƙowa fari. Lambar 750 tana nufin kashi 75 cikin ɗari gwal ne, sauran kuma ƙarafa ne masu fari irin su faladiyam, azurfa ko nikel, waɗanda ake narkawa tare da shi domin su dushe launinsa. Duk da haka haɗin ba ya fita fari tas, shi ya sa ake lulluɓe shi da siririn ruwan wani ƙarfe mai suna rodiyam, kuma wannan ruwan shi ne farin da mai saye ke gani. Yana gogewa a hankali, da sauri ga wadda hannunta ba ya rabuwa da tukunya da sabulu, sai a sake yi, kowane karo da kuɗinsa. Idan haɗin na nikel ne, wasu matan yatsarsu tana ƙaiƙayi da ƙuraje da zarar ruwan ya tafi. Filatinam da faladiyam kuwa farinsu na asali ne har ciki, sai dai ya ɗan karkata zuwa ruwan toka, na faladiyam ya fi duhu kaɗan.

Wannan bayanin ne ya kai ni ga kuskure na biyu. Na ce tunda filatinam ba ya sauya launi, shi ne maganin damuwata, na ba da saƙo aka sayo mini daga Dubai mai hatimin Pt950, wato kashi 95 cikin ɗari filatinam ne. Da na sa shi sai na ji nauyin da ban saba da shi ba, ko da yake girmansa ɗaya da tsohon zobena. Tsohon giram 5 ne, sabon ya haura giram 6 da rabi, alhali da a ce da faladiyam aka ƙera shi, da bai kai giram 4 ba. Mai riƙe da zobba uku iri ɗaya zai iya raba su da tafin hannunsa kawai, kuma farin zoben da aka ce filatinam ne amma ya yi sakayau, a sake duba hatiminsa.

A nan lissafin farashi yake, kuma shi ne na fi so ku tsaya a kai. Mutane da yawa har yanzu suna ɗauka filatinam ya fi gwal tsada, domin haka abin yake a da, amma tun wajen 2015 gwal ya wuce shi. A ƙarshen 2024 oza ɗaya ta gwal, wato giram 31.1, tana wajen dala 2,600, ta filatinam kuwa ba ta kai dala 1,000 ba. Zobena mai giram 5 yana ɗauke da tsantsar gwal giram 3.75, kimanin dala 310 ke nan a wancan farashin, shi kuwa na filatinam, duk da nauyinsa, ƙarfen da ke cikinsa bai kai dala 200 ba. Amma kuɗin da na biya a kansa ya fi na gwal ɗin. Rarar duk kuɗin ƙira ce, domin filatinam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768, gwal kuwa a 1,064 yake narkewa, saboda haka aikinsa yana buƙatar wuta da kayan aiki na daban. Kuɗin ƙira kuma, kamar yadda duk mai sayar da gwal ta sani, ba ya dawowa.

Na gane hakan ne lokacin da nake da juna biyu, yatsuna suka kumbura zoben ya ƙi shiga. Dattijon nan ya ce wutarsa ba za ta iya buɗa shi ba. Da na ce to ya saya, sai ya girgiza kai ya ce shi gwal yake saye, domin gwal ne zai narka ya sake ƙerawa ko ya sayar gobe. Na zaga shaguna uku, ban sami wanda ya taya ba.

Ba zan zalunci filatinam ba, domin wajen juriya ya cika alkawari. Yana saurin yin ƙananan zane har ƙyallinsa ya koma dishi-dishi, amma zanen turawa yake yi wa ƙarfen gefe, ba ya cinye shi, shi ya sa ƙafafun da ke riƙe dutse suke daɗewa ba su sirance ba. Gwal kuwa duk gogewa tana ɗauke ɗan abu daga jikinsa.

Faladiyam ban taɓa saya ba, kuma dalilina farashinsa ne da ba ya zama wuri ɗaya. Mafi yawansa ana amfani da shi ne a na'urar tace hayaƙi ta salansar mota, kuma Rasha da Afirka ta Kudu ne manyan masu haƙo shi, don haka a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, oza ta haura dala 3,000, kafin ta faɗo wajen 1,000 a 2024. Rashin nauyinsa da farinsa marar ruwa suna da daɗi, amma matsalar mai gyara da mai saye tana nan kamar ta filatinam. Hatiminsa Pd950 ne, harafi ɗaya ya raba shi da Pt950.

Ga masu saya wa ango zobe, a tuna cewa farin gwal gwal ne duk da launinsa, kuma hukuncin gwal ga namiji sananne ne, saboda haka hatimin 750 ko 585 na gwal mai lamba 14 shi ne abin nunawa ga malami, ba kalar zoben ba.

Zoben filatinam ɗin yana nan a cikin akwati, yana shiga ɗan ƙaramin yatsana kawai. Na Jidda kuwa na daina yi masa ruwa, na bar shi da ɗorawarsa, kuma duk lokacin da na bi ta kasuwa aka ɗora shi a sikeli, ana faɗa mini kuɗinsa nan take.