Maganar mutum a kan allo: abin da na koya wajen ɗora ta

Aikina a wata ƙungiya da ke tallafa wa manoman dankalin Turawa a Filato ya haɗa da shirya shafukan PowerPoint da muke kaiwa taro a Abuja. Shafin da ya fi cin lokacina shi ne wanda ake ɗora maganar manomi a kansa, duk da cewa shi ne mafi ƙarancin rubutu.

Ga misalin wata manomiya daga wajen Bokkos da muka naɗi muryarta. Ta yi doguwar magana, amma gundarinta shi ne sabon irin da ta karɓa ya fi wanda ta saba shukawa yabanya, a shekarar da taki ya iso mata da wuri. Shafi ba zai ɗauki duka ba, dole a rage. Ni ina tsayawa a kan kalma ashirin zuwa talatin, abin da mutum zai karanta kafin mai gabatarwa ya buɗe baki. To a nan ne amana take. Abokin aikina ya so a cire batun taki, domin jimlar ta fi armashi ba tare da shi ba. Na ƙi. Idan aka cire sharaɗin, an sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba, kuma masu ba da tallafi za su tashi da zaton iri kaɗai ya isa. Maimaici da gaishe-gaishe muka zubar, muka sa ɗigo uku a inda muka tsallake magana a tsakiya. Duk abin da ke cikin alamar zance dole ya zama kalmominta ne. In ka sake tsara su da bakinka, cire alamar.

Sai shimfiɗa rubutun. Shafi mai faɗi na PowerPoint inci 13.33 ne a kwance, 7.5 a tsaye, kuma ba na barin magana ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ina ba ta kamar kashi biyu cikin uku na faɗin, girman harafi 32 zuwa 36, layi huɗu ko biyar, a jingine hagu. In aka tsakaita layi biyar, kowanne yana farawa a wuri dabam, ido sai ya yi ta lalube. Ina karya layi da kaina da Shift+Enter a inda mai magana zai ja numfashi, don kada kalma guda ta rage ita kaɗai a ƙasa. Baƙin rubutu a kan farin fili ya fi aminci, domin zaurukan otal da yawa ba sa kashe fitila, kuma majigi yana dusashe launin toka.

Akwai matsalar da ta shafe mu musamman: ƙ, ɗ da ɓ. Salon rubutu da yawa masu ƙayatarwa ba su da waɗannan haruffa, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon ba tare da ta gaya maka ba. Yadda ake ganewa shi ne ka ƙara girman shafin ka dubi kalma kamar "ƙasa": za ka ga ƙ ɗin ya fi maƙwabtansa siranta ko tsawo, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a madadinsa. Noto Sans da Andika suna da su duka. Kuma tunda sau da yawa kwamfutar masu taro ake amfani da ita, ina tafiya da kwafin PDF, domin shi yana riƙe haruffan yadda na bar su.

A ƙarƙashin maganar, bayan ɗan fili, sai layin mai magana, girman 18 zuwa 20, a jingine kan layin hagu ɗaya da maganar. Abu huɗu yake ɗauka: suna, sana'a, gari, sannan wata da shekarar da aka yi hirar. Rubuta "wata mai cin gajiyar shiri" kawai yana sa mai sauraro ya yi zargin a ofis aka ƙirƙiri zancen, kuma da gaskiyarsa. Amma suna ba ya hawa allo sai da yardar mai shi. Mun koma wurin manomiyar muka karanta mata abin da aka rage, muka tambaye ta: "Mama, haka kika ce? Kin yarda a sa sunanki?" Ta amince da zancen, amma ta ce kada a sa sunanta. Sai muka rubuta sana'arta da ƙaramar hukumarta da lokacin hirar, muka ƙara cewa an sakaya suna bisa buƙatarta. Da yake taron da Turanci aka yi, mun sa Hausarta a sama, fassarar a ƙasa da ƙaramin harafi, tare da bayanin cewa fassarar tamu ce. Muryar da muka naɗa kuwa tana nan a ajiye da lambar fayil, wadda nake rubutawa a wurin Notes na shafin saboda ranar da wani zai ce a nuna masa asali.