Yadda na ƙwato dala 120 ɗina bayan rijistar shekara ta sabunta kanta

Ranar wata Talata da asuba na tashi na ga alat, an cire dala 120 daga katina, kuɗin da na ajiye na rijistar makaranta. Wallahi sai da na koma na zauna a bakin katifa. Bara ne na biya kuɗin shekara a wani dandalin karatu na intanet saboda kwas ɗin Excel, na gama shi cikin wata uku na goge manhajar daga wayata, ni a zatona shikenan mun rabu, ashe goge manhaja ba ya tsayar da komai, rijistar na nan tana jiran ranarta ta zagayo.

Jiki na rawa na shiga na danna Cancel subscription, sai suka rubuto min wai zan ci gaba da amfani da asusun har baɗi. Kuɗi fa? Shiru. A nan na gane sokewa daban, mayar da kuɗi daban, sokewar ta hana su cira ne a baɗi kawai. Na duba ƙa'idarsu ƙarƙashin Refund policy, kwana 14 suka bayar daga ranar da aka cire.

Wasiƙar farko da na rubuta duk kuka ce, ni ɗalibi ne, ba ni da hali, ku ji tausayina, yayata ta karanta ta ce "kai ƙanena, wa zai nemo asusunka da wannan?" Na sake da Turanci a gajarce, ma'anarta ke nan:

"An sabunta min rijistar shekara ranar 4 ga wata, an cire dala 120, ban yi niyya ba kuma ban buɗe darasi ko ɗaya ba tun daga ranar. Ina neman a soke rijistar nan take, a kuma mayar min da kuɗin duka a katin da aka cira, tunda ina cikin kwana 14 ɗinku."

Na haɗa da imel ɗin da na buɗe asusun da shi, lambar rasit, lambobi huɗu na ƙarshen katin (huɗun nan kaɗai, kar ka taɓa tura duka) da hoton alat ɗin.

Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyarsu ta amsa, wai za su mayar min da rabi in ci gaba da karatu. Na ce na gode, duka nake so. Wani abokina ya matsa in kai ƙara banki, na ƙi, ina tsoron su rufe asusun alhali satifiket ɗina na ciki.

Daga baya suka yarda su mayar da duka, suka ce zai ɗauki kwana 5 zuwa 10 na aiki, a na takwas kuɗin suka shigo. Ina ganin alat ɗin na sauke satifiket ɗina, na shiga Billing na cire katin.