Kalmar da na yanke ta ci mini kuɗin fanka

Har yau in na tuna wannan aiki sai na ji kunya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sai da na yi alfahari da shi kafin ya fashe.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Mabera. Yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma a cikin shekarun nan idona ya saba da wata cuta a rubutun Turancinmu, wato faɗin abu ɗaya sau biyu a jere. Ɗalibi zai rubuta "return back", alhali "return" kaɗai ta riga ta ƙunshi komawar. Ɗan gutsuren nan "re-" da ke gaban kalmar daga Latinanci ya zo, ma'anarsa baya ko kuma sake. Shi ya sa "reverse back" da 'yan kamasho ke yi wa direba ihu da ita a tasha, da "repeat again" ta malaman aji, da "revert back" ta wasiƙun ofis, duk 'yan gida ɗaya ne. Na saba yanke su ba tare da tunani ba, har ɗalibai suka sa mini suna mai almakashi, ni kuma ina jin daɗin sunan.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 kuma wuta ba ta zama, wani aminin mahaifina mai shagon kayan lantarki a titin Emir Yahaya ya sauke fankoki masu caji. Yana son takardar talla, fuska ɗaya Hausa, ɗaya Turanci saboda ma'aikata da baƙin gari. Yaron shagonsa ne ya rubuta Turancin a bayan kwali, aka aiko mini. Ga shi yadda ya zo:

"We wish to inform the general public that each and every customer who buys a rechargeable fan will get a free gift. Faulty fans can be returned back with the original receipt within 7 working days for a full refund back of your money."

Kalma 44 ke nan, a 'yar takardar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ga hoton fanka, ga lambar waya. Ina gani na ce yau almakashi zai sha aiki. Gabatarwar nan ta sanar da jama'a na share ta gaba ɗaya, tunda duk wanda takardar ta shiga hannunsa ya san sanar da shi ake yi. "Each and every" ta tafi. "Back" guda biyu suka bi ta, sannan "of your money", domin ba a taɓa mayar wa mutum da kuɗin wani ba. Duk waɗannan ko gobe aka kawo mini zan sake yanke su.

"Free gift" kuwa dariya ta ba ni. Mu a Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin biyu: abin da aka ba ka kyauta ne, kuma an ba ka shi kyauta. In ka juya "free gift" kai tsaye sai ta zama kyautar kyauta, wadda ko yaro ba zai faɗa ba. Na share "free".

Da a nan na tsaya, da babu labari. Amma hannu ya riga ya yi zafi. Na dubi "original receipt" na ce rasit ai rasit ne. Na dubi "working days" na ce kwana ai kwana ne. "Full refund" ma na ga kamar ado ce. Abin da ya rage:

"Buy a rechargeable fan, get a gift. Return faulty fans with the receipt within 7 days for a refund."

Kalma 19. Na ƙirga su har sau biyu don daɗi. Daga wannan gajeren na rubuta fuskar Hausar, ka ga kuskuren ya haye can ma. Aka buga guda dubu biyu, aka raba a Babbar Kasuwa da bakin masallatai ranar Juma'a.

Bayan kamar mako biyu Baba mai shagon ya kira ni, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Kai yaro, mi kac cire cikin takardar ga?"

Na ce, "Baba, kalmomin banza ne kawai, ma'anar tana nan."

"Taho ka ga ma'ana."

Abin da ya faru shi ne, wani ya zo da matacciyar fanka irin tasu da hoton rasit na injin kwafi, a lokacin da Baba ya tafi sallah. Yaron shago ya ce sai da na ainihi. Mutumin ya zaro takardar tallar ya shimfiɗa a kan teburi, ya ce a nuna masa inda aka ce na ainihi. Babu. Mutane suka fara taruwa, yaro ya tsorata, ya ƙirga masa naira dubu arba'in da biyar. Kwana uku bayan haka sai ga rasit na ainihi mai lamba iri ɗaya, a hannun wanda ya sayi fankar da gaske, ya zo a duba masa abin caji. Tasa fankar tana hannunsa. Waccan da aka karɓa, da aka kwance ta, batirinta ya kumbura, ta yi aƙalla shekara ana aiki da ita. Yadda hoton rasit ɗin ya fita har yau zato kawai ake yi.

A shagon, ashe, ƙa'idarsu ita ce in an mayar da kuɗi a karɓe rasit na ainihi a soke shi. Kalmar "original" ita ce ƙofar da ke riƙe da wannan ƙa'ida duka, ni kuma na cire ta don layi ya yi kyau. Yaron da nake yi wa kallon bai iya Turanci ba ya san abin da ya sa ya rubuta ta. Ni ne ban tambaya ba.

A daren nan na zauna da kwalin na asali ina neman inda hankalina ya kauce, domin a idona "free gift" da "original receipt" kama ɗaya suke: siffa a gaban suna, kuma sunan kamar zai iya tsayawa shi kaɗai. Abin da na gano, kuma shi nake yi yanzu kafin in taɓa kowace kalma, shi ne in ɗauko kishiyarta in sa a gurbinta, in ga ko akwai irin wannan abu a duniya. Akwai kyautar da ake biya? Babu, don haka "free" ba ta raba komai da komai. Akwai komawa gaba? Babu, "back" ta tafi. Akwai tarihin da bai wuce ba, da za a ce "past history"? Babu. To akwai rasit wanda ba na ainihi ba? Akwai, ina da injin da ke fitar da shi a cikin shagona, kullum ina karɓar kuɗi a kansa. Wannan shi ne ya fi ba ni haushi.

In kishiyar tana nan a duniya, kalmar tana aiki ke nan, tana zaɓar abu ɗaya cikin biyu. Akwai mayar da rabin kuɗi, don haka "full" alkawari ce ga mai saye. Kwanakin ma haka. Wanda ya sayi fanka ranar Litinin, kwana 7 zalla sun ƙare masa Litinin mai zuwa, amma kwana 7 na aiki, in an cire Asabar da Lahadi, sai Laraba. Kwana biyu ke nan na ɗauke wa masu saye ba da sanin mai shago ba. Wata mata daga Arkilla ta zo ranar Talata, yaro ya ce lokaci ya wuce, sai da Baba ya fito ya ba ta haƙuri da kansa.

A kan "free" kuwa mun yi ja-in-ja da Baba, kuma a nan ban sauka gaba ɗaya ba. Shi cewa ya yi kalmar ce ke jawo ido, mutum yana tafiya kan babur in ya hango ta sai ya rage gudu. Gaskiyarsa, 'yan talla sun san maimaici ne suke yi da gangan. Na tambaye shi wai mece ce kyautar ma? Ya ce 'yar tocila. Na ce to mu faɗi sunanta. "Free torch" ba maimaici ba ce, tunda tocila saye ake yi, kishiyar tana nan. Ya samu kalmarsa, mai karatu kuma ya san abin da za a ba shi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wagga ta yi. Amma ka maido min da rasit ɗina."

Ga wadda aka sake bugawa:

"Buy a rechargeable fan, get a free torch. Return faulty fans with the original receipt within 7 working days for a full refund."

Kalma 23, kusan rabin ta farko, kuma babu sharaɗi ɗaya da ya ɓace. Tsakanin wadda nake alfahari da ita da wadda ta yi daidai kalma huɗu ce kacal, kuma duk huɗun na yaron shago ne tun farko.

Akwai wani gefe da na lura da shi tun daga lokacin, a namu harshen. Muna cewa ya hau sama, ya sauko ƙasa, na gani da idona, kuma in ka bi gwajin nan sai ka ce duk a yanke. Amma na gani da idona rantsuwa ce, mai maganar yana cewa ba labari aka ba shi ba. Fari fat da baƙi ƙirin ma ƙarfafawa ce. Irin waɗannan ina barin su a labari da hira. A sanarwa da yarjejeniya da takardar ofis ne nake tsananta almakashi, kuma ko a nan, duk jimlar da ta shafi kuɗi, ko wa'adi, ko sharaɗi, sai na kira mai aikin na karanta masa tsohuwar da sabuwar, na tambaye shi ko akwai abin da zai iya yi da waccan wanda ba zai iya da wannan ba. Kiran bai fi minti biyu ba. Da na yi shi a watan Afrilu, yaron nan da kansa zai ce mini a bar "original".

Baba bai nemi in biya kuɗin fankar ba, ni ne na kai masa rabi, ya ƙi, na ajiye a kan teburi na fito. Sake bugun kuwa daga aljihuna ya fita. Ragowar tsofaffin takardun, wajen ɗari shida da ba a kai ga rabawa ba, suna nan cikin kwali a ƙarƙashin injin kwafi. Mai ƙosan bakin layinmu ta roƙe ni su don naɗe wa masu saye, na hana ta, kada ɗaya ta sake komawa titin Emir Yahaya a hannun wani.