Miliyan shida da ba miliyan shida ba: aikin mai rubuta takardun ofis a Aboabo

Shagona ƙarami ne, a Aboabo nan Kumasi. Kwamfuta biyu, injin buga takarda, injin hoton takarda, da yaro ɗaya da ke koyon aiki a hannuna. Muna ɗaukar hoton fasfo, muna lulluɓe takardun shaida da roba, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ofisoshin gwamnati. A zango Hausa muke yi, a kasuwa Tuwi, samari kuma da buroka, sai dai takardar da za ta shiga ofis a Gana Turanci take so, kuma irin wanda ma'aikaci zai iya sakawa a fayil ya yi aiki da shi.

A da mutum kan zo ya zauna ya faɗi buƙatarsa da baki, ni kuma in yi ta tambaya. Yanzu mafi yawa ta waya ake turo mini, a ce: "Malam, ga shi nan an riga an rubuta, ka gyara kawai ka buga." Wannan "kawai" ɗin shi ne aikin gaba ɗaya.

Wata Hajiya mai sayar da kayan masarufi a kwantena ta biya kuɗin izinin kasuwanci na shekara, sai ga wata takardar neman biya an sake kawo mata. Ɗanta ya rubuta abin da yake so a kai ofishin majalisar gari, ya turo mini:

"Gm sir, pls abt d permit, my mum paid 6 million tru momo last wk bt dem bring anoda bill. Abeg do sumtin asap. Tnx."

Yarona ya karɓa, cikin minti kaɗan ya warware guntayen kalmomin. "pls" ta koma "please", "abt" ta koma "about", "tru" ta koma "through", "bt" ta koma "but", "Tnx" ta koma "Thank you". Duk daidai ne, kuma wannan ɓangaren ba ya buƙatar gwani. Haka "u" da "ur" da "bcos" da "2moro": a cike su da haruffansu, shi ke nan. Abu ɗaya da nake yawan ja masa kunne a kai shi ne "am" a farkon jimla, don mutanenmu sun saba da ita har sun ɗauka cikakkiya ce. A takarda "I am" ake rubutawa. Ita kuwa "Gm", wato "Good morning", ba a warware ta, cire ta ake yi, domin ba ka san lokacin da za a buɗe takardar ba. Gaisuwar wasiƙar ofis ita ce "Dear Sir/Madam", kuma idan ka buɗe da ita, da "Yours faithfully" za ka rufe. Mu da muka saba tambayar gida da iyali da gajiya kafin a shiga magana, wannan yakan yi mana kamar rashin ladabi, har wasu dattawa kan ce in ƙara musu layin gaisuwa. Nakan ce musu su ajiye ta sai sun isa gaban teburin mutumin, can za ta yi amfani.

Da ya gama ya nuna mini, Turancin ya fito tsaf, amma takardar ba za ta yi wa Hajiya komai ba. Kalmomi huɗu ne suka rage a ciki waɗanda ba a fassara su da kalma, sai da tambaya.

Ta farko ita ce kuɗin. A watan Yuli na 2007 Gana ta sauya kuɗinta, aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Bakin mutane bai sauya ba. Har yau a Kejetiya da Alabar idan an ce miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi, kuma yaran da aka haifa bayan sauyin ma sun gaji wannan lissafi daga iyayensu. Miliyan shida ta Hajiya sidi 600 ce. Ma'aikacin da zai karanta shi ma ɗan ƙasa ne, zai gane abin da ake nufi, amma ba zai iya sa hannu a kan takardar da ta ce an biya miliyan shida alhali littafinsa ya ce 600 ba. Don haka na rubuta adadin sau biyu, da lamba "GH¢600.00", da kuma kalmomi "six hundred Ghana cedis". Duk wanda ya ambata mini miliyan ko dubu ɗari, sai na tambaye shi: tsohon kuɗi ko sabo? Akwai wanda ke nufin sabon, musamman a maganar fili ko gida, shi ya sa ba a yin zato.

Ta biyu ita ce "momo". Cikakken sunanta "mobile money", kuma haka ake rubutawa. Sai dai mai duba asusu ba sunan yake nema ba. Na ce wa yaron Hajiya ya nemo saƙon da kamfanin waya ya turo bayan biyan. A ciki akwai rana, da lokaci, da sunan wanda ya karɓa, da lambar da ke gaban "Transaction ID". Wannan lambar ce ke sa a gano kuɗin a cikin dubban biya. Muka buga hoton saƙon a takarda, muka haɗa da wasiƙar.

Saƙon nan ne ya warware ta ukun ma, wato "last wk". Makon jiya a bakin wa? Takarda kan kwana a wurin rajista kafin ta hau teburin wanda zai duba ta, kuma ranar da ya karanta, makon jiyansa daban ne. Da muka duba, ashe ma ba makon jiya ba ne, kusan mako uku ke nan, a cikin azumi, ranar Talata 11 ga Maris 2025. Na rubuta "11th March 2025" da sunan watan a cike. Ba na son a rubuta 11/3/25, domin wasu wayoyi da kwamfutoci sukan sa wata kafin rana, sai mai kwafa ya mai da ita 3 ga Nuwamba.

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni aiki da abokan ciniki: "Abeg do sumtin asap". Yarona ya mai da ita "Please do something as soon as possible". Ba kuskure a nahawu, amma me za a yi? Ma'aikaci ba ya yin "wani abu". Yana yin abin da aka roƙa a rubuce, ko ya rubuta dalilin ƙi. Na kira Hajiya na ce: "Hajiya, me kike so su yi miki? Su mayar da kuɗi, ko su soke takarda ta biyun, ko su ba ki rasit?" Ta ce: "Ɗana, ni dai kada a zo a kulle mini shago, kuma a ba ni takardata in rataye." To, buƙata biyu ke nan, soke takardar biyan da ba da rasit na hukuma. Ita kuwa "asap", abin da ke maye gurbinta rana ce. Takarda ta biyun ta ba da wa'adi, sai muka roƙa a daidaita kafin ranar wa'adin. Ga yadda tsakiyar wasiƙar ta fito:

"I paid six hundred Ghana cedis, GH¢600.00, by mobile money on 11th March 2025. I respectfully request that the second bill be cancelled and an official receipt issued to me before the due date stated on it."

A saman wannan akwai kan magana da manyan haruffa, an ja masa layi, ɗauke da lambar takardar biyan. Kuma da sunan Hajiya aka rubuta, ba da bakin ɗanta ba. "My mum" ba ta da fayil a ofis. Mai izinin ita ce za ta yi magana, ita za ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.

A nan ne ma na fi tsananta wa mutane, wajen suna. Moh'd, Abu, Rabi, Alhj, duk guntaye ne da muka saba da su har ba ma ganinsu a matsayin gajartawa. Ba na buga sunan kowa sai ya miƙo mini katin ɗan ƙasa na kwafa harafi bayan harafi, da lambar da ke farawa da GHA. Tun daga Afrilun 2021 wannan lambar ce ta zama lambar haraji ta ɗaiɗaikun mutane, saboda haka sunan da ke kan katin shi ake bi. Idan kati ya ce Mohammed kai ka rubuta Muhammad, ko ka sa Alhaji a gaba alhali babu shi a katin, za ka iya samun kanka wajen mai rantsarwa kana biyan kuɗin takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet, don ka tabbatar kai ne kai. Adireshi ma haka: "bayan masallacin Juma'a" yana kai baƙo gida, amma tun 2017 akwai adireshin GhanaPostGPS, shi nake sawa tare da lambar waya.

Akwai kalmomin titi da ke da takwarori a harshen ofis, kuma nakan bi abin da su ma'aikatan ke rubutawa a takardunsu. Turoturo takan zama "commercial minibus", abobboya "cargo tricycle", dumso "power outage", kayayo "head porter", kwantenar shago kuwa sau da yawa "temporary structure". "Chale" da "boss" da "chairman" ba su da takwara, muƙamin mutumin ake rubutawa a saman takarda. Idan ofis ya aiko maka da wasiƙa tun farko, kalmar da ya kira abin da ita, ita za ka mayar masa, ko da ka san wadda ta fi ta daɗi, don da ita zai nemo fayil.

Ba kowace gajartawa ake kora ba. GRA da SSNIT da DVLA da NIA, guntayen sunayen hukumomin gwamnati, nasu ne, su ma haka suke kiran kansu. A rubuta cikakken sunan sau ɗaya, daga nan a ci gaba da guntun. "Ref. No." da "cc" su ma 'yan gida ne. "RE:" kuma ina amfani da ita ne idan ana mayar da amsar wata wasiƙa.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini tasa da ya gyara da kansa, ya kori buroka ya cika ta da manyan kalmomi daga ƙamus, layi huɗu na yabon shugaban ofis kafin a ji abin da ya kawo shi. Ita ma sai da muka sassaƙe ta, domin mai rajista yana duba kan magana da layin farko ne ya san teburin da zai tura ta.

Kwafi biyu nake bugawa kullum. Ɗaya a bari a ofis, ɗaya a sa mai rajista ya buga mata hatimin "RECEIVED" da kwanan wata a dawo da ita gida. Na faɗa wa yaron Hajiya kada ya baro wurin sai an buga, kuma ya ɗauki hoton hatimin da wayarsa tun yana tsaye a gaban teburin. Washegari ya turo mini hoton, a ƙarƙashinsa ya rubuta "ngd Mlm". Na amsa masa da "bkm".