Donot 500 ba lissafin kilo ɗaya sau goma sha bakwai ba ne

Tun da na fara karɓar odar biki na ajiye kofi da gwangwani, na koma sikeli. Gwangwanin fulawa yau a danne, gobe a sake; a kilo ɗaya ba a lura, a kwaɓi mai yawa kuwa sai bambancin ya fito.

Ga yadda na lissafa odar donot 500. Kilo ɗaya na fulawa da ruwansa, sukari, bota da yis yana ba ni kwaɓi kusan kilo 1.75. Kowane donot giram 60, ke nan ina buƙatar kwaɓi kilo 30, wato fulawa kilo 17.

To amma ban kwaɓa shi gaba ɗaya ba. Babban kwaɓi yana riƙe zafi a cikinsa, ga zafin injin kwaɓi, ga na garinmu, sai ya tashi da wuri. Kaskona kuma 20 yake ɗauka, suya 25 ke nan, wajen awa biyu. Kafin a kai na ƙarshe ya wuce tashi: za ki ji tsami-tsami, in kin taɓa ya lotsa bai dawo ba, a kasko kuma ya yi ta shan mai.

Sai na raba shi uku, tazarar minti 40 tsakaninsu, na kwaɓa da ruwan ƙanƙara. Yis ɗin ma na ɗan rage daga giram 10 a kilo zuwa 8. Gishiri da sukari dai ban canza awonsu ba.