Ma'auni huɗu, kamfani ɗaya: yadda ake ɗinke amsar jarrabawa

Ƙannena masu karatun harkokin kasuwanci, akwai wata irin tambaya da ke cin makin ɗalibai har da waɗanda suka yi karatu sosai. A ba ka labarin kamfanin da ya shiga halin ƙaƙa-nika-yi, a ce ka yi amfani da ma'aunan nazari uku ko huɗu ka gano matsalarsa, ka ba da shawara. Kuskuren da na daɗe ina tafkawa shi ne in raba takarda gida huɗu: ga PESTEL, ga ma'aunin Porter, ga SWOT, ga na Ansoff, kowanne na cike shi tsaf, amma babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Irin wannan amsa tana nuna hadda kawai, alhali mafi yawan makin yana wurin haɗa su.

Mu ɗauki Kodak, kamfanin hoto na Amurka, mu ce labarin da aka ba ka ya tsaya a 2005, kana da minti 45. Ka lura da shekarar. Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012, amma idan takardar ba ta kai can ba, kada ka kafa hujja da shi. Kai mai ba da shawara ne a 2005.

Minti takwas na farko kada ka fara amsa. Ka karanta labarin sau biyu, kana ja wa lambobi da shekaru layi, sannan ka rubuta jimla guda da ke faɗin cutar kamfanin. Ta Kodak za ta iya zama haka: ribarsa tana cikin fim da takardar hoto da sinadaran wanki, kuma sabuwar kasuwar da ya shiga ba ta da ribar da za ta maye gurbin wannan. Wannan jimla ita ce za ta buɗe amsarka. Idan ka kasa rubuta ta, to ba ka gama fahimtar labarin ba, kuma ma'auni ko goma ne ba zai cece ka ba. Ka kiyayi ɗaukar alamar ciwo a matsayin ciwon. Raguwar ciniki alama ce. Dalilin raguwar shi ake nema.

Daga nan ka jera ma'aunan daga waje zuwa ciki, ta yadda kowanne zai miƙa wa na gaba abin da ya gano. PESTEL yana duba abubuwa shida da ke kewaye da kamfani: siyasa, tattalin arziki, zamantakewa, fasaha, muhalli da doka. Ba dole ne ka cika shidan ba. A labarin Kodak biyu ne ke da nauyi: fasahar dijital, da sauyin ɗabi'ar mutane daga wanke hoto zuwa kallonsa a kan allo. Sakin layi ɗaya ya wadatar, ka ƙara jimla guda da ke cewa ka bar sauran huɗun ne don labarin bai nuna suna da hannu a matsalar ba. Mai duba takarda yana ba da maki a kan wannan zaɓin, domin ya nuna ka auna.

Inda ya kamata ka zauna shi ne ma'aunin da Michael Porter ya fitar a 1979, mai duba ƙarfi biyar da ke matse ribar kowace masana'anta: gogayyar abokan hamayya, sababbin shiga, kayan da ke maye gurbi, ƙarfin masu saye, da ƙarfin masu kawo kaya. Tarkon da ke nan shi ne ɗalibi ya ce "masana'antar hoto" ya wuce. Masana'antu biyu ne, kuma sai ka auna su daban. Yin fim yana buƙatar ƙwarewa mai zurfi a ilimin sinadarai da manyan injina, shi ya sa kamfanoni ƙalilan ne suka iya, irin su Kodak da Fuji da Agfa, riba kuma ta yi kauri. Kyamarar dijital kuwa ana harhaɗa ta ne da sassan da kowane kamfanin kayan lantarki zai iya saye ko ƙerawa, sai ga Sony da Canon da Nikon cikin fili, farashi yana faɗuwa kowace shekara, ga wayar hannu mai kyamara tana tafe. Sannan wanda ya sayi kyamarar fim zai yi ta dawowa sayen fim, na dijital kuwa sau ɗaya ya biya. Ka rufe wannan sashe da hukunci: kamfanin yana barin kasuwa mai riba yana shiga wadda ba ta da ita. Minti goma sha biyu ba su yi yawa a nan ba.

Sai SWOT, mai duba ƙarfi da raunin kamfani da damarmaki da barazanar da ke gabansa, wanda na fi ɓata wa lokaci a banza. Na kan zana akwati huɗu in zuba duk abin da ya faɗo mini. Aikinsa na gaskiya shi ne tattara abin da ka riga ka gano. Damarmaki da barazana su fito daga ma'auni biyun farko, ba sabon abu. Ƙarfi da rauni kuma a gwada su da kasuwar da ka auna. A nan ne za ka ga ma'aunai sun yi karo, kuma kada ka ɓoye karon. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital tun 1975, kamfanin yana da suna, kuma ya sayar da kyamarorin dijital masu yawa. SWOT zai kira wannan ƙarfi. Ma'aunin Porter kuwa ya ce ƙarfi ne a inda riba ta yi ƙaranci. Ka faɗi wanda ka fi yarda da shi da dalilinka. Wannan sakin layin ya fi akwatunan huɗu daraja.

Ka ware minti goma cif na shawara, domin a nan lokaci ke ƙure wa mutane, su rubuta "kamfanin ya inganta fasaha" su miƙa takarda. Ma'aunin Igor Ansoff na 1957 ya ba ka hanyoyi huɗu, gwargwadon ko kayan da kasuwar tsofaffi ne ko sababbi. Ka ɗauki biyu ka gwada, ka zaɓi ɗaya. Ƙara dagewa kan kyamara yana nufin zuba kuɗi a kasuwar da ka riga ka ce ba ta biya. Kai ilimin sinadarai zuwa wata sabuwar kasuwa kuwa ya dace da ƙarfin da kamfanin ke da shi. Hanyar da Fujifilm ya bi ke nan daga baya, ya shiga magunguna da kayan shafa da sassan allon talabijin, kodayake a amsar 2005 dalilinka za ka kawo, ba abin da ya faru ba. Ka faɗi inda kuɗin zai fito, wato ribar fim da ke raguwa, ka faɗi haɗarin: hanya ce mai cin shekaru, kuma kuɗin yana iya ƙarewa kafin ta fara biya.

Minti uku na ƙarshe ka yi gwaji ɗaya. Ka rufe sunan kamfanin da yatsa ka karanta kowane sakin layi. Duk wanda zai dace da kamfanin jiragen sama ko na takalma, ka ƙara masa lamba ko shekara ko wani abu daga labarin da aka ba ka.